Janareto ɗaya, lissafi biyu: raguwar daraja a littafin kamfani da rangwamen haraji kan kayan aiki

Kamfanin da ke rufe littafinsa a ƙarshen Disamba yana da wata shida ya miƙa takardun harajinsa, shi ya sa watan Yuni ne watan gardama tsakanin masu kamfani da akantocinsu a Legas. Gardamar kusan iri ɗaya ce kullum. Alhaji ya duba littafi ya ga an cire masa naira miliyan 4 da rabi saboda janareto ya tsufa da shekara ɗaya. Ya buɗe takardar haraji sai ya ga an mayar da miliyan 4 da rabin nan cikin riba, an kuma cire wani adadi daban a ƙasa. Sai ya ce da akanta: "Malam, janareton nan ai guda ɗaya ne. Wanne ne lissafin gaskiya?"

Dukansu biyun daidai ne, tambayar da kowanne ke amsawa ce ta bambanta. Shawarar da ke gaban mai kamfani ita ce: ya riƙe lissafi ɗaya ya huta, ko ya riƙe biyun kowanne da aikinsa? A ganinmu biyun ya kamata, kuma za mu bi janareto guda daga saye har zuwa sayarwa don a ga dalili.

Abin da kowanne yake nufi

Raguwar daraja ta littafi ƙiyasi ne na masu kamfani. Kun sayi inji, kun san zai yi muku aiki na wasu shekaru, sai ku raba kuɗinsa a kan shekarun domin kowace shekara ta ɗauki nata kaso. Ku ne kuke cewa shekara nawa zai yi, ku ne kuke cewa nawa za a saye shi idan ya gama aiki. Ƙa'idojin lissafi na duniya, waɗanda Najeriya ta fara aiki da su daga 2012, ba su yanka wa kowa adadin shekaru ba. Sun dai ce ƙiyasin ya yi daidai da yadda ake morar injin, kuma a riƙa sake dubawa.

To a nan hukumar haraji ta ƙi yarda. In da za ta karɓi ƙiyasin kowa, wanda yake son rage haraji sai ya ce janaretonsa shekara biyu zai yi, maƙwabcinsa mai irin injin ya ce shekara goma, harajinsu ya sha bamban alhali sana'arsu ɗaya. Don haka doka ta hana a cire raguwar daraja daga ribar da ake ɗora wa haraji. A madadinta ta kawo nata ma'auni, wanda akantoci ke kira kafital alawus, mu kuma za mu kira shi rangwamen jari. Wannan ba ƙiyasi ba ne. Kaso ne da aka rubuta a jadawalin doka ga kowane rukunin kaya, ko injinka yana aiki dare da rana ko sau ɗaya a mako ake tayar da shi. Gwamnati kuma tana amfani da shi don kwaɗaitar da mutane su zuba jari, shi ya sa yakan fi ainihin tsufan injin sauri.

Abu ɗaya suka yi tarayya a kai: kayan aiki ake nufi, ba kayan sayarwa ba. Ɗan kasuwar da ya saba fitar da zakka ya san wannan rabon, domin yana ƙimanta hajar da ke shago amma ba ya ƙimanta sikeli da kanta. Janareton da ke jere a shagon dila a kasuwar Alaba haja ce, ba shi da raguwar daraja kuma ba shi da rangwame. Ranar da wani ya saye shi ya kafa a wurin sana'arsa, ranar ya zama kayan aiki.

Misalin da za mu bi

A ɗauka akwai wani kamfani mai rajista a Agege, kusa da mayankar Oko-Oba, yana da ɗakin sanyi inda mahauta da masu kifi ke biya su ajiye kaya. Cinikinsa ya haura naira miliyan 100 a shekara, saboda haka kashi 30 cikin 100 yake biya na harajin kamfani. A watan Janairun 2021 ya sayi babban janareto a kan miliyan 36. Ya biya miliyan 1 na dako da kuren da ya sauke shi, da miliyan 3 na daɓen da aka ɗora shi da wayoyi da aikin haɗawa. Kuɗin janareton a lissafi miliyan 40 ne, ba 36 ba, kuma littafi da haraji duka sun yarda da haka: duk abin da aka kashe har injin ya tsaya a mazauninsa ya fara aiki, nasa ne. Da daga waje aka shigo da shi, da kuɗin kwastan na Apapa ma ya shiga. Mutane da yawa suna jefa miliyan 4 ɗin nan cikin kuɗin gyare-gyare, mai binciken haraji ya zo ya fitar da su.

Mun zaɓi 2021 da gangan, domin shekarun rangwamen duka su faɗa ƙarƙashin tsohuwar dokar harajin kamfanoni. Sabuwar doka za ta zo a gaba.

A littafi, masu kamfanin da makanikensu sun ga injin zai yi shekara 8 kafin a canza shi, kuma za a iya sayar da shi miliyan 4 a lokacin. An cire 4 daga 40, saura 36, an raba gida 8. Kowace shekara miliyan 4.5 ke nan, daga ta farko har ta takwas.

A haraji, tsohuwar doka ta ba injuna rangwame iri biyu. Akwai rangwamen farko, kashi 50 cikin 100 na kuɗin injin, sau ɗaya tak a shekarar da aka fara aiki da shi. Akwai kuma na shekara-shekara, kashi 25 cikin 100, amma ba na miliyan 40 ba, na abin da ya rage bayan an cire na farko. Nan ne masu koyon aikin suka fi yin kuskure. Na farko miliyan 20 ne. Saura 20, kashi 25 nasa miliyan 5. Shekarar farko tana ɗaukar duka biyun, wato miliyan 25. Shekara ta biyu da ta uku miliyan 5 kowacce. Ta huɗu ma haka, sai dai ana barin naira 10 a rubuce, alamar cewa injin yana nan hannun kamfanin har ranar da za a rabu da shi. Kuskure na biyu shi ne a riƙa ɗaukar kashi 25 na ragowar kowace shekara, wato 5, sannan 3.75, sannan ƙasa da haka. Dokar ba haka ta ce ba. Adadin ba ya sauka, ɗaya ne har shekara huɗun su cika.

A wancan lokacin akwai ƙarin kashi 10 cikin 100 na ƙarfafa zuba jari a kan injuna, wanda ba a cire shi daga ragowar injin. Dokar Kuɗi ta 2023 ta soke shi. Mun ajiye shi gefe don kada lissafin ya cakuɗe, amma wanda ya sayi inji kafin sokewar ya duba ko an nema masa.

Motoci ma 50 da 25 ne a tsohuwar dokar. Kujeru da tebura da kantoci 25 da 20. Gini 15 da 10. Fili ba shi da rangwame ko kaɗan.

Yadda harajin ke fita shekara bayan shekara

A ɗauka kamfanin yana samun ribar miliyan 30 kowace shekara kafin a taɓa maganar janareto. Littafi zai nuna miliyan 25.5 bayan an cire 4.5. Wanda bai san dokar ba zai ɗora kashi 30 a kan wannan ya ce harajinsa miliyan 7.65 ne.

Akanta ba haka zai yi ba. Zai fara da miliyan 25.5 ɗin littafi, ya mayar da 4.5, riba ta koma 30. Daga nan zai cire rangwamen jari. Sai dai tsohuwar doka ta gindaya iyaka: ba a cire rangwamen da ya wuce kashi biyu cikin uku na wannan ribar a shekara guda, in ba kamfanin sarrafa kaya ba ne ko na harkar noma. Ɗakin sanyi da ake haya ba masana'anta ba ne, don haka iyakar ta hau kansa. Biyu cikin uku na 30 shi ne 20. Kamfanin yana da rangwamen 25, zai ci 20, ya ɗauki 5 zuwa baɗi. Ragowar ba ta ɓata, kuma ba ta da wa'adi. Ribar da haraji zai hau ta zama miliyan 10, harajin miliyan 3.

Da a ce maƙwabcinsa mai yin ruwan leda ne ya sayi irin wannan janareto, da ya ci 25 ɗin gaba ɗaya a shekarar farko, domin shi sarrafa kaya yake yi.

| Shekara | Raguwar daraja a littafi | Rangwamen da aka ci | Ribar haraji | Haraji |
|---|---|---|---|---|
| 2021 | 4.5 | 20 | 10 | 3 |
| 2022 | 4.5 | 10 | 20 | 6 |
| 2023 | 4.5 | 5 | 25 | 7.5 |
| 2024 | 4.5 | 5 | 25 | 7.5 |
| Kowace shekara daga ta 5 zuwa ta 8 | 4.5 | 0 | 30 | 9 |

Alƙaluman duka miliyoyin naira ne, kuma an yi watsi da naira 10 ɗin nan.

A lura da layin ƙarshe, domin shi ne yake kama mutane. Daga shekara ta biyar janareton yana nan yana ruri, littafi yana ci gaba da cire masa 4.5, amma rangwamensa ya ƙare. Riba ba ta ƙaru da ko kwabo ba, haraji kuwa ya tashi daga miliyan 3 na shekarar farko zuwa 9. Mai kamfanin da ya saba da miliyan 3 sai ya zaci akanta ne ya yi sakaci ko hukuma ce ta ƙara masa. Ba ko ɗaya. Sauƙin da ya samu a farko ne yake biya.

A tara harajin shekara takwas: 3 da 6 da 7.5 da 7.5 da 9 sau huɗu, miliyan 60. Da bisa ribar littafi aka bi, 7.65 sau takwas, miliyan 61.2. Tazarar miliyan 1.2 ce kawai, kuma ita ce kashi 30 na miliyan 4 ɗin da aka ƙiyasta za a sayar da injin. Ranar da aka sayar da shi a wannan farashin, ita ma za ta dawo. Ashe rangwamen jari ba yafe haraji yake yi fiye da littafi ba, jinkirta shi yake yi. Jinkirin ma ba ƙaramin abu ba ne, domin miliyan 4.65 da ta zauna a hannun ɗan kasuwa a 2021 ta juya ta sake juyawa kafin a karɓe ta, kuma nairar da aka biya daga baya ba ta kai ta wancan lokacin daraja ba. Amma bashi ne. Akantoci suna rubuta shi a littafi da sunan harajin da aka jinkirta, kuma mai kamfani ya kamata ya nemi a nuna masa wannan layin kafin a raba riba.

Akwai harajin da rangwamen ba ya taɓawa. Harajin ilimi na asusun manyan makarantu a kan miliyan 30 ɗin aka riƙa ɗora shi, bayan an mayar da raguwar daraja kuma kafin a cire rangwame. Sabon harajin raya ƙasa na kashi 4 cikin 100 da ya maye gurbinsa ma a wannan matakin yake hawa. Sayen inji ba ya rage shi.

Ranar sayarwa

Nan ne lissafin biyu suka fi yin hannun riga. A ɗauka a farkon 2024, bayan shekara uku, kamfanin ya ga janareton ya yi masa kaɗan ya sayar da shi miliyan 22.

A littafi an cire 4.5 sau uku, 13.5, darajarsa ta rage 26.5. An sayar 22, an yi asarar miliyan 4.5. Alhaji ya ga asara a rubuce, yana sa ran harajinsa zai sauka.

A haraji an riga an ba shi 20 da 5 sau uku, miliyan 35, ragowar injin miliyan 5 ce. A wurin hukuma, ta ba da rangwame kamar injin ya faɗi daga 40 zuwa 5, ga shi kasuwa ta nuna 22 ya tsaya. An yi masa rangwamen da ya wuce kima da miliyan 17, sai a mayar da su cikin ribar shekarar. Wannan shi ne cajin daidaitawa na tsohuwar doka, harajinsa miliyan 5.1. Asarar littafin kuma ba a karɓar ta, mayar da ita ake yi kamar yadda ake mayar da raguwar daraja. Cinikin da littafi ya kira asara, shi ne ya jawo harajin miliyan 5.1, kuma sau da yawa kafin takardar ta zo an riga an zuba kuɗin sayarwar a sabon inji.

Bayan da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, injunan da ake shigowa da su sun yi tsada har wasu tsofaffin suka wuce kuɗin da aka saye su. Idan miliyan 45 aka sayar da janareton, cajin daidaitawa ba ya wuce rangwamen da aka ci, wato 35. Miliyan 5 da ta haura kuɗin saye riba ce ta sayar da kadara, wadda tsohon tsari ke ɗora wa kashi 10 cikin 100. Idan kuma akasin haka ne, misali ambaliya ta shiga injin aka sayar da gawarsa miliyan 2, to ragowar haraji 5 ce an samu 2, sai a ba kamfanin ƙarin rangwamen miliyan 3. Amma sai an rabu da injin ko an daina aiki da shi kwata-kwata. Rage masa daraja a littafi saboda ya lalace ba ya motsa komai a takardar haraji. Haka nan ɗaga darajarsa a littafi don ta dace da farashin yau ba ya ƙara rangwame. Hukuma kuɗin da aka biya ta sani.

Abin da sabuwar doka ta canza

Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yunin 2025, aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 don fara aiki da Dokar Haraji ta Najeriya. Hukumar harajin tarayya, FIRS, ta koma NRS. A wajen kayan aiki, babban canjin shi ne an cire rangwamen farko. Saura na shekara-shekara a kan cikakken kuɗin kaya, rukuni uku: kashi 10 ga irin su gini, kashi 20 ga injuna da kayan ofis, kashi 25 ga motoci da manhajar kwamfuta.

Janaretonmu na miliyan 40, in a ƙarƙashin wannan dokar aka saye shi, miliyan 8 zai samu kowace shekara har shekara biyar. Riba 30, a cire 8, saura 22, haraji miliyan 6.6. Shekara biyar 33, sauran ukun 9 kowacce 27, jimla 60. Jimlar ba ta canza ba. Abin da ya canza shi ne shekarar farko: miliyan 6.6 maimakon 3. Wanda ya ci bashin banki ya sayi inji yana lissafin cewa haraji zai yi masa sauƙi sosai a shekarar farko, kamar yadda ya saba gani a da, ya sake zama da akantansa.

Dabarar nan ta sayen inji a Disamba ma ta rage armashi. A da, inji in dai ya fara aiki kafin a rufe shekara, yana samun rabin kuɗinsa da cikakken rangwamen shekara, alhali littafi na wata ɗaya kawai zai cire, naira 375,000 a misalinmu. Rabin nan yanzu babu shi.

Sai sharaɗin da muke ganin zai fi cizon 'yan kasuwarmu. Sabuwar dokar ta hana rangwame a kan kayan da ya kamata a biya musu VAT ko kuɗin kwastan amma ba a biya ba. Sayen inji a hannun dilan da zai ce zai sauke farashi in ba a buƙatar rasit mai VAT, yanzu ciniki ne mai tsada. Ana gudun kashi 7.5 cikin 100, miliyan 2.7 a kan 36, a jefa rangwamen da harajinsa ya haura miliyan 10 cikin haɗari.

Tsohuwar dokar kuma ba ta gama da kowa ba. Hukuma tana iya komawa baya shekara shida ta sake duba lissafi, kuma kowace shekara da dokar zamaninta ake auna ta.

To wanne za a bi?

Hanya ta farko, wadda ƙananan kamfanoni da yawa ke bi, ita ce a kwafi kason haraji a zuba a littafi, lissafi ya zama ɗaya. Tana da sauƙi, aikin akanta ya ragu, babu maganar harajin da aka jinkirta. Sabuwar doka ta ƙara mata farin jini tunda kason yanzu miƙaƙƙe ne. Akwai inda ba ta da laifi: kwamfutar ofis, ko motar rabon kaya da ke shan wahalar hanyar Agege zuwa Apapa kullum, wadda da ma shekara huɗu ko biyar za ta yi. Idan ainihin rayuwar kaya ta zo daidai da ta doka, babu abin da aka ɓoye.

A kan babban inji kuwa illarta a fili take. A tsohon tsari, littafin da ya kwafi haraji zai nuna ribar miliyan 5 a 2021 maimakon 25.5. Wannan littafin ne za a kai banki neman bashi, shi ne kuma abokin tarayya da ke Kano zai gani ya ce sana'ar ta durƙushe. Daga shekara ta biyar sai ya nuna 30, kamar janareto kyauta yake aiki, a raba riba fiye da yadda ya kamata, a kuma yanka wa mahauta kuɗin ajiya mai arha domin an manta injin yana cinyewa. A sabon tsari gurɓatar ta ragu, 22 maimakon 25.5, amma shekara ukun ƙarshe suna nan babu komai a kansu.

Hanya ta biyu ita ce a miƙa ribar littafi kai tsaye ba tare da gyara ba. Wannan ba zaɓi ba ne, kuskure ne. Mai bincike zai mayar da raguwar darajar, ya ɗora tara da kuɗin ruwa, rangwamen kuma ba ya zuwa da kansa, sai an nema a takardar haraji da jadawalinsa.

Hanya ta uku ita muke ba da shawara: rajistar kaya ɗaya mai gefe biyu. Kowane inji da layinsa, da ranar saye, da ranar da ya fara aiki, da lambar jikinsa, da kuɗinsa a rarrabe, da inda yake. Gefen dama shekarun da aka ƙiyasta da darajarsa a littafi. Gefen hagu rukuninsa a doka, rangwamen da aka ci da ragowa. Aikin yini ɗaya ne a shekara ga kamfani mai injuna goma ko ashirin. Daga nan kowace tambaya ta san gefenta. Nawa za a caji mai ajiye nama, nawa za a raba, me za a nuna wa banki, yaushe za a canza inji: gefen littafi. Nawa za a tanada kafin Yuni, nawa sayar da tsohon inji zai jawo: gefen haraji.

Gefen littafin ne kaɗai yake iya bin halin da injin ke ciki. Janareton da ke kusa da teku, inda iska mai gishiri ke cin ƙarfe, ba zai kai na Agege daɗewa ba. Kamfanin da layin wutarsa ya koma rukunin A daga Afrilun 2024, wanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, janaretonsa ya rage aiki, ya kamata a tsawaita shekarunsa a littafi. Ana ma iya lissafa raguwar da awannin da agogon injin ya nuna maimakon shekaru, kuma ga janareto wannan ya fi kusa da gaskiya. Sai dai a sani, ko gefen littafi ba kuɗi yake ajiyewa ba. Miliyan 36 da aka cire cikin shekara takwas ba za ta sayi sabon inji a farashin yau ba, don haka tanadin canji lissafi ne na uku da mai kamfani zai yi da kuɗin kasuwa.

Wanda sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista, ba kamfani ba, harajinsa na ƙashin kansa ne kuma hukumar LIRS ta Jihar Legas yake biya in a nan yake zaune. Tsarin ɗaya ne: a mayar da raguwar daraja, a cire rangwame. Shi abin da zai fi kula da shi shi ne amfanin gida. Janareton da ke ba shago wuta kuma an ja waya zuwa gidan da ke sama, ko motar da ke kai kaya da safe ta ɗauko yara daga makaranta da yamma, kason sana'a kaɗai ake ba rangwame. Rasit kuma ya fito da sunan wanda zai nema. Injin da kamfani ke aiki da shi amma takardarsa tana ɗauke da sunan Alhaji ko ɗansa, mai bincike zai ce ba na kamfanin ba ne.

Abu na ƙarshe da ke rikita gefen biyu shi ne gyara. Canjin mai, matatun mai da na iska, batir, bel, aikin makanike na yau da kullum, duk kuɗin gudanarwa ne, ana cire su gaba ɗaya a shekarar da aka kashe, a littafi da haraji. Amma in aka cire injin janareton ɗungurungum aka sa sabo, ko aka yi masa rumfar rage ƙara, ko aka ƙara na'urar da ke sauya wuta da kanta, an ƙara masa abin da ba shi da shi a da. Wannan yana buɗe sabon layi a rajista da ranarsa da kuɗinsa, rangwamensa ya fara ƙirga daga shekarar da aka sa shi, ko da na asalin janareton ya daɗe da ƙarewa.